Da Bakin Mage Muke Faɗa

Kwanan nan babu dabbar da ta rage bebiya a unguwarmu. Mage na magana, ragon da aka ɗaure a zaure na magana, har tattabarun da ke sauka kan katangar gidan liman sun samu baki. Ba su ne suka buɗe bakin ba, mu ne muke ɗaukar su hoto, mu rubuta musu zance a ƙasa, mu ɗora a WhatsApp, ya yi awa 24 ɗinsa ya ɓace. Ka buɗe waya da safe ka ga magen maƙwabta ta miƙe a kan buhun shinkafa, an rubuta mata, "Gadi nake yi, kada wanda ya tashe ni." Ka matsa gaba ka ga tunkiya ta zuro kai ta ƙofar kicin, "Wai har yanzu ba a dama dusar ba ne?" Masu rubutun nan kuwa ba yara kaɗai ba ne. Har da magidanta masu furfura, irin waɗanda in ka gaishe su a hanya da ƙyar suke amsawa.

Tsofaffinmu mata ba su karɓi abin da sauƙi ba. Da jikar Iya ta gidan kusurwa ta karanta mata abin da baƙar magenta ta "ce", Iya ta ja da baya ta ce, "Ke 'yar nan, mage baƙa, kuma ta yi magana? A'uzubillahi. Goge min abin nan." Yarinyar ta ce, "Iya, ni fa na rubuta." Iya ta ce, "Ai shi ya fi muni, ashe ke ce bakin nata." Wannan Iyar kuwa ita ce ta raine mu da tatsuniya, inda kura ke kai ƙara, dila na yanke hukunci, ba ta taɓa neman tsari ba. A makaranta kuma muka tarar da aku yana ba da labari a Magana Jari Ce har ya zama waziri. Sa wa dabba magana ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da yake sabo shi ne yanzu dabbar ta gidanmu ce, ga fuskarta a hoto, kowa a layin ya san ta, ya san kuma wanda take nufi.

Shi kansa salon hoton da rubutu ya girmi waya nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1870 wani mai ɗaukar hoto a garin Brighton na Ingila, Harry Pointer, yake ɗaukar kyanwoyinsa a kwando da kan kujera, ya rubuta 'yar magana a ƙasa, ya sayar a matsayin kati. A 1905 wani Ba'amurke, Harry Whittier Frees, ya fitar da katin wata kyanwa da aka sa wa riga aka zaunar a kujerar jarirai, tana tambayar me ya tsayar da abincinta. Shekara ɗari da ɗoriya bayan haka, a watan Janairun 2007, wasu mutum biyu a Hawaii, Eric Nakagawa da Kari Unebasami, suka yaɗa hoton wata ƙatuwar mage mai ruwan toka tana roƙon burodi da nama da cuku, aka rubuta mata "I can has cheezburger?" Daga nan abin ya cika duniya, har da kamanninsa da muka gada: manyan fararen haruffa masu baƙin gefe, layi ɗaya a sama, layi ɗaya a ƙasa. Abin da ya ba ni dariya a tarihin nan shi ne duk lokacin da ɗan Adam ya ba mage baki, maganar farko da yake sa mata ita ce ta ciki. Mu ma da muka zo, a nan muka fara.

Amma akwai inda muka raba hanya da su. Turancin magen Hawaii da gangan aka karya shi, wai mage ba ta je makaranta ba, kuma a karyewar dariyar take. Mu ma muna da irin wannan a gida, domin duk wanda ya iya tatsuniya ya san Gizo da tsamin baki yake magana, sarki ya koma "shayki". Sai dai da wasu samarinmu suka gwada yi wa mage rubutu da karyayyar Hausa, abin bai zauna ba. Dalilin a fili yake. Rabinmu haka muke rubuta Hausar a waya ko da ba raha muke yi ba, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba na haɗewa, ƙugiyar harafi kuwa sai wanda Allah ya nufa. In ka karya rubutu da sunan mage, mai karatu ba zai ce mage ce ba ta iya ba, cewa zai yi kai ne. Don haka sai muka juya abin. Magen Bature jaririya ce mai gwaranci, tamu kuwa Hajiya ce mai izza, ko babban ma'aikaci mai magana da yawun hukuma. Ƙaramar halitta mai nauyin mudun gero biyu tana maganar manya, a nan tamu dariyar take.

Bari in kawo hoto guda da aka yi ta ja-in-ja a kansa a teburin mai shayinmu, don a kansa na ga bambancin rubutun da ya ci da wanda ya faɗi. Hoton magen gidan tela ne. An soya kifi an rufe da faranti, aka shiga ɗaki, aka fito aka tarar da farantin a ƙasa. Ita kuwa tana zaune a gefen kwanon, ƙafafun gaba a haɗe, wutsiya ta naɗe su, ido a lumshe rabi, tana kallon can wani wuri daban, ga ɗan maiƙo a gashin bakinta. Ɗan telan ya ɗauka, ya kawo majalisa a taya shi rubutu.

Na farko da aka bayar shi ne, "Ni mage ce mai son kifi sosai, yau na ci kifi na ƙoshi." Ba wanda ya ko murmusa. Laifinsa shi ne ya maimaita abin da ido ya riga ya gani. Ga mage, ga kwano, ga maiƙo, kowa ya san an ci kifi. Rubutun da zai yi aiki dole ya kawo abin da babu a hoton, ya bar hoton ya ƙaryata shi ko ya tona masa asiri.

Na biyu ya ce a sa, "Hajiya ki yi haƙuri, na tuba, ba zan sake ba." Mai shayi ne ya kashe wannan, yana fifita wuta ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kai malam, dubi zaman nan nata. Wannan zaman mai tuba ne?" Gaskiyarsa. Jikinta a sake yake, kunnuwa a miƙe, babu alamar tsoro ko ɗaya. Maganar da aka sa mata ta saɓa wa jikinta, kuma duk wanda ya taɓa zama da mage zai ji saɓanin ko da bai iya faɗin inda yake ba. Kafin a rubuta komai, kunne da ido da wutsiya ake fara karantawa, su ne ke gaya maka muryar da za ka ɗauka.

Na uku ya kusa. "Ba ni na ci ba, ɓera ne, na ma gan shi da idona yana gudu ta bayan randa, wallahi tun ɗazu nake nan ban motsa ba." An ɗan dara, amma ya yi tsawo. Mutum yana zuge hotuna da babban yatsa, ba zai tsaya karanta takardar kare kai ba. Sannan mai yawan rantsuwa da bayani ai mai jin tsoro ne, ita kuwa wannan ba ta jin tsoron kowa. Akwai kuma wanda ya ce a cire rantsuwar gaba ɗaya, kuma na goyi bayansa. A unguwarmu ba a sa wa dabba rantsuwa da sunan Allah, balle aya ko hadisi. Wanda ya gwada, kafin azahar kawunsa zai kira shi a waya.

Wanda ya ci shi ne na wani ɗan acaɓa da bai ma zauna ba, yana tsaye da kofi a hannu. Ya leƙa wayar ya ce, a rubuta, "Guda nawa kika ce kin bari? Sake ƙirgawa." Nan majalisa ta tashi. In ka duba, kalma takwas ce kacal, ba a ambaci kifi ba, ba a ambaci ci ba. Magen ba ta musa ba, ba ta amsa ba, sai ta mayar da tuhumar kan mai kifin. Tana magana da wata da ba ta cikin hoton, don haka mai kallo da kansa zai hango matar tela tsaye da ludayi tana huci. Kuma maganar ta dace da idon nan da ke kallon gefe. Mafi daɗi, kowa a wurin ya san mutum mai irin wannan amsar, wanda za ka ba ajiya ya dawo maka da ita a gutsure, ya kuma tambaye ka ko ka tabbata da lissafinka. Wani ya so a ƙara layi na biyu, "An kafa kwamitin bincike, ni ce shugaba." Wannan ma ya yi, amma aka ce a ajiye shi sai ta sake yin wata ɓarnar, kada a haɗa dariya biyu a hoto ɗaya su danne juna.

Wani abin da na lura muna yi ba tare da mun yi shawara ba shi ne kowace dabba mun yanka mata matsayi. Mage ita ce mai gida, mu 'yan haya ne, shi ya sa ba ta cewa "uwar ɗakina", sai dai "yarinyar nan mai kawo abinci". Rago attajiri ne da ya san darajarsa. Akuya ba ta da kunya kuma ba ta neman a yafe mata. Tattabara 'yar gulma ce, tunda daga sama take kallon gidan kowa. Kare kuwa, da yake yawancinmu a waje muke ajiye shi don gadi ko farauta, muryar ma'aikaci muke ba shi, mai ƙorafin an yi kwana da kwanaki ba a biya shi ba. Aku ne kaɗai ba mu cika yi wa rubutu ba. Wanda yake da bakinsa, kuma ya haddace abin da ake faɗa a gidan, ba a tsokanar sa.

To amma kada mu yaudari kanmu, rabin rubutun nan ba don dabbar ake yin sa ba. Habaici ne ya samu sabuwar riga. Amarya ta ɗora hoton magenta tana hamma, "Wasu dai ba sa gajiya da zuwa gidan mutane da rana tsaka." Magidanci ya ɗora tunkiyarsa, "Mai cin bashin dusa, mun gan ka da sabuwar waya." In an zo da ƙorafi a ce, haba, mage ce fa ta faɗa, wasa ne. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as, sai ka ga wanda aka nufa ya mayar da martani da hoton nasa zakaran. An yi wani biki a layinmu da aka kwashe mako ana musayar magana tsakanin wata mage da wata agwagwa, masu su kuwa kullum suna gaisawa a bakin famfo kamar ba komai. Ni dai ina ganin wannan ya fi zagi a fili, amma dariyarsa ba ta kai ta magen tela ba, don da an karanta ake jin cewa dabbar aro ce aka yi, ba a ko dube ta ba.

Rashin duban nan shi ne inda abin yake daina zama wasa. Muna ɗauka mun iya karanta fuskar dabba, alhali fuskar mutum muke liƙa mata. A 2012 wata mata a Vancouver ta ƙasar Kanada, Pascale Lemire, ta ɗauki karenta hoto da takarda a gefensa, an rubuta da bakinsa cewa shi ne ya cinye kamfan saurayinta. Abin ya zama yayi, dubban mutane suka riƙa ajiye wa karnukansu takardar amsa laifi, karnukan kuwa sun sunkuyar da kai, kunne a kwance, ido a ƙasa, sak mai jin kunya. Alhali tun 2009 wata mai nazarin halayyar karnuka a kwalejin Barnard da ke New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan fuskar a kan karnuka 14. Mai kare zai ajiye abinci ya hana karensa ci, ya fita. Wani lokaci a ba karen ya ci, wani lokaci a ɗauke abincin. In mai karen ya dawo, wani lokaci a gaya masa gaskiya, wani lokaci a gaya masa akasin abin da ya faru. Sai aka ga fuskar nan ba ta bin laifi, faɗa take bi. Karen da aka yi wa tsawa shi ke sunkuyar da kai, ko ya ci ko bai ci ba. Har ma wanda bai ci ba aka yi masa faɗa ya fi nuna ta. Wato abin da muke rubuta wa "na tuba", in da karen ne zai rubuta da kansa, cewa zai yi "ina jin tsoron ka, ka daina."

A wajen mage ma ba mu fi haka ba. A 2019 masu bincike a jami'ar Guelph ta Kanada sun nuna wa mutum sama da 6,000 gajerun bidiyo 20 na fuskokin kyanwoyi, aka ce su faɗi wadda ke cikin jin daɗi da wadda ke cikin damuwa. Matsakaicin abin da aka ci kusan 12 ne, alhali mai canke ido rufe zai iya cin 10. Ajiye mage a gida ma bai taimaka wa mutane sosai ba. Ma'aikatan asibitin dabbobi ne suka fi kowa ci.

Wani kuskuren ba ya cutar da kowa. Duk gabanin Babbar Sallah sai hoton nan ya zagayo, rago ya ɗaga kai sama, ya naɗe leɓensa na sama, dasashi a waje, a rubuta masa, "Na ji kuɗin da aka taya ni." Muna cewa dariya yake yi. Masu kiwo sun san ba dariya ba ce. Ya shinshini fitsarin tunkiya ne, yana tura warin zuwa wata 'yar gaɓa da ke saman gandarsa don ya gane ko tana neman barbara. Mage ma takan yi haka, ta buɗe baki kaɗan ta daskare bayan ta shinshini takalmi, mu rubuta mata, "Wannan safar ta wane ce?" A nan ma kusan mun dace, don warin ne ya tsayar da ita. Haka in ta kalle ka ta lumshe ido a hankali ta buɗe, mu ce harara ce ko raini. Wannan alamar natsuwa ce, ta saki jiki da kai ke nan.

Wani kuskuren kuwa yana iya kashewa. A zafin Afrilun da ya wuce wani ƙanenmu ya ɗora hoton magensa a kwance kan siminti, baki a buɗe, harshe a waje, ya rubuta mata, "A kawo wuta ko in koma ƙauye." Mun yi dariya, mun tura wa wasu. Malamin dabbobin da ke haya a bayan masallaci ne kaɗai bai yi ba. Ya taka har ƙofar gidan ya yi sallama, ya ce, "Ɗan'uwa, tun yaushe take wannan hakin?" Yaron ya ce tun bayan azahar, ai zafi ne, karen gidan Alhaji ma haka yake yi. Malamin ya ce kare daban, mage daban. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, al'adarsa ce. Mage ta hanci take numfashi, in ka ga ta buɗe baki tana haki, ko dai zafi ya yi mata mugun yawa, ko ta firgita ƙwarai, ko akwai ciwo a huhu ko zuciya. In wasa ta yi ta gaji, cikin 'yan mintoci ya kamata ta rufe baki. Ya sa aka mayar da ita inuwa, aka ajiye mata ruwa, aka jiƙa tsumma da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, aka shafa mata a tafin ƙafa da ciki. Ya ɗaga leɓenta ya nuna masa dasashi, ya ce lafiyayye ja-ja ne mai haske, in ya koma fari ko ya yi shuɗi-shuɗi, ba a jira, asibitin dabbobi ake nufa. Yaron ya ce ko a ɓantara mata farasitamol. Malamin ya ce ko kusa, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ya ƙara masa da wasu hotuna biyu da ya ce yana yawan gani ana dariya a kansu. Na farko, dabba ta dafe goshinta da bango ta tsaya ƙyam, a rubuta mata "ina tunanin rayuwa". Ya ce in ta daɗe a haka tana danna kai, sau da yawa ciwo ne da ya taɓa ƙwaƙwalwa, a kai ta a duba. Na biyu, magen da aka sa wa ɗankwali ko hular jariri, kunnuwanta sun kwanta baya, baƙin idonta ya buɗe ya cika ido, wutsiya na dukan ƙasa, a rubuta mata "amarya ta sha kyau". Ya ce wannan saura ƙiris ta yi yakushi, kuma yawanci ƙaramin yaron da aka ce ya riƙe ta a ɗauki hoton ne yake kwasa a fuska.

Da la'asar numfashin magen ya daidaita, ta tashi ta sha ruwa, ta koma ƙarƙashin gado. Yaron ya tambayi malamin ko ya goge hoton. Malamin ya ce ya bar shi, rubutun kawai zai canja. Ya karɓi wayar ya rubuta mata da kansa, "In kun ga bakina a buɗe haka, ku ajiye waya ku kawo ruwa." Mutum uku a layin suka kira shi a daren, kowa da tambayar tasa magen, ɗaya ma akuya ce.